Yuwan ne ko yen? Yadda za ka karanta farashin kayan waje kafin ka tura kuɗi

Tambayar da ta fi zuwar mini daga masu son yin odar kaya daga waje iri ɗaya ce, sai dai kaya su bambanta. Mutum ya turo hoton farashi, ya ce, "Malam, wannan nawa ne a naira?" Sau da yawa kuma ya riga ya yi nasa lissafin, so kawai yake in ce masa haka ne. Kusan rabin lissafin da ake turo mini kuskure ne, kuma ba a wajen ninkawa ko rabawa aka yi shi ba. Tun farko ba a gane kuɗin wace ƙasa ake kallo ba.

Ɗan baffana tela ne. Wata rana da daddare ya kira ni, murya na rawa don murna, ya ce, "Yaya, na samo mana hanya." Ya ga keken ɗinki mai aiki da lantarki a wani shafin 'yan kasuwar Sin, an rubuta ¥1,280. Ya kwafi farashin yadda yake, ya liƙa a wayarsa, ta ba shi wajen ₦12,800. Kafin gari ya waye ya yi wa teloli huɗu na layinsu alkawari. Da wanda zai biya masa kuɗin a can ya ce kowane keke ɗaya ya haura ₦260,000, tun ba a zo maganar dako ba, sai ya ce ɓarawo ne. Mutumin bai cuce shi ba. Wayarsa ta ɗauki ¥ a matsayin yen na Japan, alhali yuwan na Sin ne, kuma yuwan ɗaya ya kai yen ashirin.

Ga yadda ake bi daki-daki. Abin da kake buƙata waya ce mai data, da biro da takarda. Farashin canji yana motsi kullum, don haka na zaɓi adadi masu sauƙi don misali kawai: dala ɗaya ₦1,500, ko yuwan 7.2, ko yen 150. Kai ka sa na ranar da kake lissafi.

1. Ajiye alamar, nemi haruffa uku

Alama irin su $, £, ¥ ba ta ƙasa ɗaya ba ce. Kamar sunan Musa ne a unguwa, sai an ce Musan wa. Abin da ke raba gardama shi ne haruffa uku da tsarin ISO 4217 ya ba kowane kuɗi, waɗanda bankuna da kamfanonin jirage da 'yan canji ke aiki da su a duk duniya. Babu kuɗi biyu masu haruffa iri ɗaya.

Karanta su ba wuya. Haruffa biyu na farko na ƙasar ne, na ukun yawanci farkon sunan kuɗin da Turanci. NGN: NG Najeriya, N naira. USD dalar Amurka, GBP fam ɗin Ingila, JPY yen na Japan, CNY yuwan na Sin, SAR riyal ɗin Saudiyya, AED dirhamin Daular Larabawa wanda ake kashewa a Dubai, EGP fam ɗin Masar, TRY lirar Turkiyya, GHS sidin Gana. Kuɗin da ƙasashe da yawa suka yi tarayya a kansa yakan fara da X, shi ya sa sefar Nijar take XOF, ta Kamaru da Chadi kuma XAF. Yuro ne ya fita daban da EUR.

To ka duba shafin ko takardar daga sama har ƙasa. Haruffan sukan maƙale a kusurwar sama kusa da tutar ƙasa, ko can ƙasan shafi, ko kuma sai ka sa kayan a kwando ka je wajen biya sannan su bayyana. Zuwa wajen biya ba biya ba ne, kada ka ji tsoron leƙawa. Idan ka same su, ka rubuta a takardarka, haruffa a gaba, adadi a baya: `CNY 1,280`. Daga nan kada ka sake rubuta alamar.

*Hattara:* kada ka yi wa haruffan fassarar kanka. Na ga wanda ya ɗauki SAR a matsayin rand ɗin Afirka ta Kudu, alhali rand ZAR ne, kuma riyal ɗaya ya fi rand huɗu. CHF ba na Sin ba ne, faran ɗin Suwizalan ne, wanda ya fi dala tsada. SDG fam ɗin Sudan ne, SGD dalar Singafo, haruffa biyu ne kawai suka yi musayar wuri, amma tsakanin darajarsu akwai tafiyar raƙumi. 'Yan kasuwar Sin kuma sukan rubuta RMB. Yuwan ne dai, amma RMB ba ya cikin jerin da bankuna ke amfani da shi, idan fom ya nemi kuɗin ka zaɓi CNY.

2. Idan babu haruffan, gano inda mai kayan yake zaune

Nan ne aikin yake, don mafi yawan hotunan da ake turowa ta waya alama ce kawai da adadi.

Fara da ¥, tunda ita ta fi cin mutane. Akwai shaida huɗu da nake dubawa, kuma ban taɓa rasa biyu daga ciki ba. Ta farko, ɗigo: yen ba shi da kwabo da ake kashewa, saboda haka farashin Japan ba ya zuwa da ɗigo da lambobi biyu a baya. Idan ka ga ¥12.50 ko ¥1,280.00, kusan ka gama, yuwan ne. Ta biyu, harafin da ke bin adadin: mutanen Sin suna rubuta 元, na Japan suna rubuta 円. Ba sai ka iya karanta su ba, ka dai riƙe siffarsu, na Japan kamar taga ne mai ƙafafu, na Sin kamar mutum ne ya buɗe ƙafa ƙarƙashin rumfa. Ta uku, adireshin shafin: `.jp` Japan, `.cn` Sin. Shafukan da aka yi don 'yan cikin gida a Sin, irin su 1688 da Taobao, da yuwan suke sa farashi, ko da adireshinsu ya ƙare da `.com`. Ta huɗu, lambar wayar mai kayan: +86 Sin, +81 Japan.

Alamar $ ta fi ¥ yawan masu ita. Kanada, Ostareliya, Singafo, Hong Kong, Taiwan, har Meziko da ke kashe feso, duk da ita suke rubutu, kuma a cikin gidansu sau da yawa ba sa ƙara komai a gabanta, don su a wajensu dala ita ce tasu. Wanda ya fi shafarmu shi ne Hong Kong, saboda wayoyi da kayan lantarki. Dalarsu an ɗaure ta tsakanin 7.75 da 7.85 a kan dalar Amurka, wato HK$780 dala ɗari ce kacal. Lambar waya mai farawa da +852 ko adireshi mai `.hk` ya isa ya sa ka tsaya ka tambaya. Wannan kuskuren ba ya sa ka asarar kuɗi kai tsaye, ciniki mai kyau yake sa ka bari, ko kuma wani mai wayo ya karɓi dalar Amurka a hannunka a kan farashin da aka rubuta da ta Hong Kong.

Masu neman magani ko karatu a Alƙahira su kula da £. Fam ɗin Masar ana rubuta shi £, ko E£, ko LE, ko ج.م da Larabci. A ce dala ɗaya fam ɗin Masar 50 ce: £20,000 na Masar dala 400 ke nan, amma £20,000 na Ingila ya haura dala 24,000. Wasu asibitoci da makarantu kuma da dala suke cajin baƙo, su caji ɗan ƙasa da fam, a takarda ɗaya.

Sai riyal. Alhazai sun saba da na Saudiyya, har ya zama da an ce riyal shi ne ke zuwa rai. Amma Katar riyal take kashewa, Oman ma haka, Yaman da Iran ma haka. Na Saudiyya da na Katar kusan tagwaye ne, 3.75 da 3.64 a kan dala. Na Oman kuwa riyal ɗaya ya kai dala 2.60. Riyal ɗari a Makka wajen dala 27 ne, riyal ɗari a Maskat dala 260. Da Larabci harafi ɗaya ne ya raba su: ر.س na Saudiyya, ر.ق na Katar, ر.ع na Oman. Tun Fabrairun 2025 Saudiyya ta fito da sabuwar alama ta riyal, don haka za ka iya ganin wani zane da ba ka saba da shi ba a jikin kaya. Ka nemi SAR a rasit.

*Hattara:* wasu manyan shafuka suna canza kuɗin da kansu gwargwadon inda suke zaton kake. Idan wanda ya turo maka hoton yana Toronto, $ ɗin da ke jikin hotonsa wataƙila ta Kanada ce, ko da kamfanin na Amurka ne. Ka tambayi inda aka ɗauki hoton, ba inda kamfanin yake kaɗai ba.

3. Karanta adadin kansa

Ka gano kuɗin, saura ka tabbatar da yawansa. Mu mun saba waƙafi ke raba dubbai, ɗigo ke raba kwabo: 1,250.50. Turkiyya da Jamus da ƙasashe da yawa na Turai sun juya abin: 1.250,50. Ƙasashe masu Faransanci, har da Nijar, sukan bar fili a wurin dubbai, su sa waƙafi a wurin kwabo: 1 250,50. Mace ta ga abaya a shafin Istanbul an rubuta 1.250 TL, ta ɗauka lira ɗaya da 'yan kai, alhali lira dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ce.

Dabarar ita ce ka ƙirga lambobin da ke bayan alamar rabewa ta ƙarshe. Idan biyu ne, kwabo ne, ko da ɗigo aka raba ko da waƙafi. Idan uku ne, dubbai ne.

*Hattara:* wannan dabarar ba ta aiki a ƙasashe kaɗan da kuɗinsu ke rabuwa gida dubu maimakon ɗari. Dinarin Kuwait, na Bahrain, na Jodan, na Tunisiya, da riyal ɗin Oman, duk lambobi uku suke sawa bayan ɗigo. `OMR 12.500` riyal goma sha biyu da rabi ne, wato dala 32.50, ba dubu goma sha biyu da ɗari biyar ba. Shi ya sa gano kuɗin ya riga karanta adadin. Idan ka juya tsarin, sai ka yi kuskure ninki dubu.

Masu duba motocin Japan akwai wani harafi da ya kamata su haddace: 万. Ma'anarsa dubu goma, kuma Sin da Japan duka suna amfani da shi. Mota da aka rubuta 85万円 ba yen 85 ba ce, 85 sau 10,000 ne, yen 850,000. A lissafinmu na misali dala 5,667 ke nan, kimanin naira miliyan takwas da rabi, kafin jirgin ruwa da kwastan. Indiya ma tana da nata salon: 2,50,000 ba kuskuren bugu ba ne, rupi dubu ɗari biyu da hamsin ne. Ka share waƙafin gaba ɗaya ka ƙirga lambobin, shida ne, magana ta ƙare.

A kasuwannin Makka da Madina da Alƙahira za ka tarar da farashi da lambobin Larabci. Wanda ya saba duba lambar shafi a Alƙur'ani ya riga ya san su, amma a gaban kanti, cikin sauri, ido yakan koma ga lambobin boko. Uku ne masu yaudara: ٥ mai kama da sifili biyar ce, ٠ mai kama da ɗigo shi ne sifili, ٦ mai kama da bakwai shida ce. Saboda haka ٦٥ sittin da biyar ne, ba saba'in ba, ٥٠ kuma hamsin ne. Daga hagu zuwa dama ake karanta su kamar na boko, duk da cewa rubutun da ke kewaye da su daga dama yake tafiya.

4. Sa mai kayan ya rubuta da hannunsa

Duk shaidar da ka tara zato ne mai ƙarfi, ba yarjejeniya ba. Kafin ka tura ko sisi, ka aika masa saƙo gajere wanda ba ya buƙatar ku iya yaren juna:

```
1,280 CNY? or JPY?
```

Ya amsa a rubuce, kuma takardar farashin da zai turo ta ɗauki haruffan uku, a kan farashin ɗaya da kuma jimla. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce "dala dai", to ka san da abin da ya taka.

Wannan matakin ya fi muhimmanci idan cinikin na baki ne, kuma nan abin ya zo har gida. Bakano ya ce dala, dalar Amurka yake nufi. Bamaraɗe ko Badamagare ya ce dala, sefa biyar yake nufi, dala ashirin sefa ɗari ke nan. Jaka a bakin dattawan Najeriya ₦200 ce, jika a Nijar sefa dubu. A Gana kuma, tun da aka cire sifili huɗu daga sidi a 2007, har yau akwai masu cewa miliyan ɗaya suna nufin GHS 100. Duk da Hausa ake maganar, kowa ya ji ɗan'uwansa sarai, kuma kowa da adadin da ke kansa. Idan an gama ciniki a waya, ka bi shi da saƙo: `XOF 150,000`, ya ce e.

*Hattara:* XOF da XAF darajarsu ɗaya ce, dukansu an ɗaure su a kan sefa 655.957, wato 656 saura kaɗan, kowane yuro ɗaya, kuma dukansu FCFA ake rubutawa a jikin kaya. Amma ba kuɗi ɗaya ba ne. XOF na ƙasashe takwas ne na yammacin Afirka, ciki har da Nijar da Benin da Togo, XAF na ƙasashe shida ne na tsakiya, ciki har da Kamaru da Chadi. Takardar Yamai ba lalle ta karɓu a kantin Garwa ba, ɗan canji kuma zai cire nasa kafin ya musanya maka. A wajen lissafi ba komai idan ka haɗa su, a wajen turawa da komai.

5. Yi lissafin da haruffa, sannan ka auna shi da hankali

Yanzu ka buɗe wayarka. Kada ka kwafi farashin da alamarsa, nan ne ɗan baffana ya faɗi. Ka rubuta da kanka:

```
1280 CNY to NGN
```

Kada ka sa waƙafi ko ɗigo a cikin dubbai, lambobi tsura. Idan amsar ta fito, ka duba sunan kuɗin da aka rubuta a samanta kafin ka duba adadin. Mai odar kaya iri-iri da ke tara su a Google Sheets zai iya sa wannan a gida ɗaya, ya riƙa ninkawa da shi:

```
=GOOGLEFINANCE("CURRENCY:CNYNGN")
```

Ni nakan sake lissafin ta hanyar dala, don ita ce kowa ya san farashinta a ranar. Keken ɗinkin nan: 1,280 a raba da 7.2, ya ba da dala 178 saura kaɗan. A ninka da 1,500, ya ba da wajen ₦266,700. Da yen ne: 1,280 a raba da 150, dala takwas da rabi, wato ₦12,800.

Sai ka ajiye biro ka tambayi kanka, keken ɗinki mai injin lantarki, sabo dal, zai yi dala takwas da rabi? Kuɗin ƙarfen jikinsa ma ya fi haka. Wannan tambayar ita ce ta fi duk wata manhaja amfani, kuma ita ce kwaɗayi ke hana mutum yi. Arha tana yiwuwa, kaya daga masana'anta yakan zo a rabin farashin kasuwarmu ko ƙasa da haka kafin a ɗora dako. Amma idan lissafi ya nuna maka kashi ɗaya cikin ashirin na abin da ake sayarwa a nan, ka koma mataki na biyu. Rabon kuskuren ma yakan faɗa maka inda ka zame: ninki ashirin yen da yuwan ne, ninki takwas dalar Hong Kong, ninki goma riyal ɗin Oman da na Saudiyya, ninki dubu ɗigo da waƙafi, ninki dubu goma kuma 万 ne ka tsallake.

Akwai 'yan adadi da ba sa motsi saboda ƙasashensu sun ɗaure kuɗinsu, ya kamata ka rubuta su a bayan littafinka: dala ɗaya SAR 3.75 ce, AED 3.6725 ce. Da waɗannan ko babu data za ka iya lissafin farashin Jidda ko Dubai a tsaye.

*Hattara:* adadin da waya ke ba ka na tsakiyar kasuwa ne, babu wanda zai sayar maka a kansa. A misalinmu yuwan ɗaya ₦208 ne da 'yan kai. Idan mai biya maka ya ce ₦215, keken ya koma ₦275,200, ƙarin wajen ₦8,500. Wannan ba kuskuren alama ba ne, ribarsa ce, kuma ita ce ake ciniki a kai. Ka bambanta su. Wanda bai san kuɗin da yake saye ba ba zai iya sanin ko an tsawwala masa ba, ko a Wapa ne ko a waya.

6. A wajen biya, sake duba haruffan sau ɗaya

Idan ta banki ko manhajar tura kuɗi za ka biya, akwai gidaje biyu: abin da za a cire maka da abin da zai isa can. Kowanne da haruffansa. Jerin zaɓin yawanci bisa tsarin abacada yake, shi ya sa masu kama da juna suke maƙwabtaka: XAF na saman XOF, SDG da SGD ba su da nisa. Yatsa ɗaya ya zame, kuɗi ya tafi da sunan wani. Ka karanta gidan mai karɓa da babbar murya, ka gwada shi da takardar da mai kayan ya turo. Kuɗin da aka tura da haruffan da ba su dace da asusun mai karɓa ba, ko dai bankinsa ya canza su a farashin da ya ga dama, ko ya dawo da su bayan kwanaki an yanki kuɗin hanya zuwa da dawowa.

Idan ta hannun wakili ne, ka ce masa, "Alhaji, a rubuta mini nawa ne yuwan ɗaya, kuma yuwan nawa za a biya." Adadi biyu, ba jimla ɗaya a naira ba. Daga baya ka nemi hoton shaidar biyan, ka ga adadin da ke jiki ya yi daidai da na takardar.

Idan kuma kana can da kanka da kati a hannu, na'urar kanti ko ta cirar kuɗi takan tambaye ka ko a caje ka da kuɗin ƙasar ko da kuɗin katinka, misali AED ko USD. Ganin dala yakan kwantar wa mutum da hankali, sai ya danna ta. Idan ka yi haka, kamfanin na'urar ne zai yi maka canjin a nasa farashin, wanda yawanci ya fi na bankinka tsada. Ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake tsaye a cikinta, SAR a Madina, AED a Dubai, sannan ka duba rasit kafin ka bar gaban kanta. Idan haruffan da ke jiki ba su ne ka zaɓa ba, a nan take ake soke cinikin a sake, ba bayan ka dawo gida ba.

Ɗan baffan nawa a ƙarshe keke ɗaya ya saya, ba biyar ba, bayan ya zagaya ya ba teloli huɗu haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Da kayan suka iso, takardar da ke manne a jikin kwalin ¥1,280.00 ta ce, da ɗigonta da sifili biyu, kuma da muka koma kan hoton da ya fara turo mini, su ma suna nan a jiki tun daren farko.